Kamfani Ɗaya, Adireshi Biyu: Abin da Sabon Zuwa Birtaniya Ya Kamata Ya Sani

Wanda ya sauka Birtaniya ba ya daɗewa kafin ya ci karo da wannan lamari. An ba shi takardar ɗaukar aiki mai adireshin Manchester, amma da ya duba sunan kamfanin a rajistar gwamnati sai ya ga adireshin Birmingham. Nan take gabansa ya faɗi, yana zaton ya faɗa hannun ’yan damfara. Sau da yawa babu wata cuta a ciki, domin adireshin biyu aikinsu daban ne.

Dokar kamfanoni ta 2006 ta wajabta wa kowane kamfani ya kasance da adireshin rajista, wanda hukumar Companies House ke wallafawa kowa ya gani kyauta. Nan ne wasiƙun hukuma da sammacin kotu ke zuwa. Dole ya kasance a yankin da aka yi wa kamfanin rajista, wato wanda aka yi wa rajista a Scotland ba zai sa adireshin London ba. Tun ranar 4 ga Maris 2024 kuma an daina karɓar akwatin gidan waya shi kaɗai. Sai wurin da wasiƙa za ta isa hannun wakilin kamfanin, har a iya samun shaidar an karɓa. Amma doka ba ta ce a nan za a yi ciniki ba. Wurin aiki, wato shago ko sito ko ofis, yana iya zama a ko’ina, kuma yana iya zama fiye da ɗaya.

Mu ɗauki misalin mai shagon kayan abincin Afirka a Manchester, wanda akantansa ke Birmingham. Ba ya son adireshin gidansa ya fito fili, shagon kuma haya yake yi, yana iya tashi baɗi. Sai ya sa ofishin akantan a matsayin adireshin rajista. A wajen ƙaramar hukuma kuwa, inda dole ya yi rajistar sana’ar abinci aƙalla kwana 28 kafin ya buɗe, adireshin shagon ne, domin can masu duba tsafta za su je. Hukumar haraji ta HMRC ma, idan ya yi rajistar harajin VAT, ainihin wurin kasuwancin take tambaya. Kowace hukuma ta rubuta abin da ya shafi aikinta, kuma babu wadda ta yi kuskure.

To, ta yaya za ka gane inda akwai matsala? Ka nemi lambar rajistar kamfanin, domin suna yana iya kama da suna, lamba kuwa ba ta maimaituwa. Doka ta tilasta wa kamfani ya sa lambar da adireshin rajistarsa a wasiƙunsa na kasuwanci da shafinsa na intanet, galibi can ƙasa da ƙananan haruffa. Ka shigar da lambar a shafin Companies House, ka gwada abin da ke ƙarƙashin “Registered office address” da abin da ke ƙasan wasiƙarka. Idan sun saɓa, ka buɗe “Filing history”, mai yiwuwa ka ga an sauya adireshi kwanan nan. Idan babu alamar sauyi, ko aka nuna an rushe kamfanin, ko aka ƙi gaya maka inda ake aikin a zahiri, to ka dakata, kada ka biya ko kwabo. Ka kuma sani cewa ganin suna a rajista ba shaidar amana ba ne.

Idan kai ne za ka buɗe kamfani, hatsarin yana wajen wasiƙa. Sammacin da aka kai adireshin rajista, a idon doka ya same ka, ko ka gani ko ba ka gani ba, kuma kotu na iya yanke hukunci a bayan idonka. Saboda haka in ka rabu da akanta ko ka tashi daga gida, ka cike fom AD01 na sauya adireshi a Companies House ba tare da jinkiri ba. Sauyin ba ya aiki sai hukumar ta shigar da shi, sannan har kwana 14 bayan haka ana iya kai maka takarda tsohon wurin, ta kuma zama halastacciya.

A ƙarshe, ɗan’uwa, idan wani ya roƙe ka aron adireshin gidanka don yi wa kamfaninsa rajista, ka yi tunani sosai kafin kunya ta sa ka amsa. Adireshin zai zauna a fili, masu bin bashi kuma ƙofarka za su ƙwanƙwasa. Wanda aka yi amfani da adireshinsa ba da izininsa ba yana da damar kai ƙorafi ga Companies House ta fom RP07 domin a cire shi.