Auna zaure kafin ka raba katin gayyata

Ɗan'uwa mai shirya taro a Filinge, kuskuren da muka fi yi shi ne ƙirga kujeru, mu manta da ƙofa. In wuta ta tashi daga waya ko janareto, turereniya a bakin ƙofa na iya kashe mutane.

Ɗauko igiyar awo. A ce zauren mita 12 ne tsawo, 10 faɗi: murabba'in mita 120 ke nan. Cire wurin manyan baƙi da hanyoyin wucewa, kamar 30, saura 90. Ba kowane mai kujera murabba'i ɗaya, mutum 90 ke nan. Kada ka matse su, balle a zafin Afrilu.

Sai ƙofofi. Mutane sun haura 50, a samu ƙofa biyu nesa da juna, masu buɗewa waje, ba kwaɗo, ba babur a bakinsu. In ƙofa ɗaya ce, manta da 90 ɗin nan, tsaya ƙasa da 50.

Waɗanda ba za su zo ba fa? Duba rajistar tarukanka na baya. In cikin 100 mutum 80 ke zuwa, lissafi ya ba ka damar gayyatar 112. Ni dai 90 zan kira, don wata rana kowa zai zo. Da damina ana gona, fashi kan yi yawa. Amma biki ko wa'azi a ƙasar Kurfai, wanda ba a kira ba ma zuwa yake. Nan sai ka sa mai ƙirga a bakin ƙofa, ka kafa rumfa a waje.