Wasiƙar Hedimasta Bayan Zuwan Masu Duba Makaranta

Lokaci-lokaci hukumar ilimi takan turo masu duba makarantu. Sukan zauna a aji su ga yadda malami ke koyarwa, su buɗe rajista, su leƙa makewayi da wurin shan ruwa. Daga baya sai su rubuta dogon rahoto, galibi da Turanci. Hedimasta ne ke taƙaita shi ya aiko wa iyaye. Ga misalin irin wannan wasiƙa:

"Zuwa ga iyayen yara. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, masu duba makarantu sun yi kwana biyu tare da mu. Sun yaba da zuwan malamai a kan lokaci. Amma sun ba yara 20 'yan aji uku gajeren labari da Hausa, 7 kaɗai suka iya karantawa. Wannan ya fi komai damunmu. Rajista kuma ta nuna yara da yawa ba sa zuwa ranar kasuwa, sannan rufin aji biyar yana yoyo.

"Daga Litinin mai zuwa, malaman aji ɗaya zuwa uku za su ware rabin awa kowace safiya don koyar da karatu zalla. A ƙarshen zangon nan za mu sake gwada yaran, mu sanar da ku sakamako. Duk yaron da ya yi fashin ranar kasuwa sau biyu a jere, kwamitin makaranta zai ziyarci gidansu. Gyaran rufi ya fi ƙarfinmu, mun rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Naku, Hedimasta."

Idan irin wannan takarda ta zo hannunka, tsaya a kan kowace matsala ka tambaya: wa zai gyara, kuma yaushe?

Dubi batun karatu. An faɗi masu aikin, an faɗi ranar farawa, an faɗi lokacin sake gwaji. Wannan shiri ne da za ka iya bin diddiginsa daga gida. Bayan mako biyu, tambayi 'yarka ko ana yin karatun safe. Ba ta littafinta ta karanta maka layi ɗaya. In ta rera shi a guje ba ta duban takarda, hadda ce. Nuna mata kalma guda a tsakiyar layin. In ta karanta, to ta fara gane baƙaƙe.

Batun ranar kasuwa namu ne iyaye, domin mu ke aiken yara talla ko tsaron kaya. Yaron da ke fashi kwana ɗaya cikin biyar yana rasa darasin da na gobe zai hau kansa.

Rufin kuwa ba shi da rana. Hedimasta ya yi gaskiya da bai ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba, amma kada maganar ta kwanta. A taron iyaye da malamai, nemi a faɗi ranar da aka kai wa sakataren ilimi takardar gyaran rufin, da wanda zai koma ofishinsa ya bi sawunta kafin damina ta faɗi.