Kafin Ka Ba Wani Takardar Asibitinka

A Zongon Lome, takardun asibiti da Faransanci ake rubuta su. Wanda bai iya ba sai ya kai wa ɗan makaranta ya kwafe masa da Hausa, a aika wa ɗan'uwa a Kano ko Maraɗi don neman shawara, ko a karanta a coci ko masallaci don neman gudummawa. Wannan ba laifi ba ne. Amma abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.

Ga misali, ba na wata mace ta gaskiya ba. An kwafe takarda kamar haka: sunanta, shekara 34, mai sayar da koko a bakin tasha, matar direba, an kwantar da ita ranar 12 ga Maris, tana tari wata biyu, gwajin majina ya nuna tarin fuka, ga lambar katinta da ta wayarta.

Mai kwafewa ya cire suna, ya ce ya gama. Bai gama ba. Masu koko nawa ne a bakin tashar nan da mijinsu direba ne, aka kuma kwantar da su a watan Maris? Duk unguwa za a gane ta, gobe kuma ba mai sayen kokonta. Sana'a da wurin zama da rana, in suka haɗu, sun zama suna.

Ga yadda ya kamata a rubuta: “Mace ce mai shekara talatin da wani abu. Ta yi wata biyu tana tari. Gwajin majina ya nuna tarin fuka. An fara mata magani na wata shida.” Likitan da ke nesa ya sami abin da yake bukata. Sunan magani da yawansa da sakamakon gwaji kuwa, kada a taɓa su; in aka canza lamba ɗaya, shawarar da za a ba ka ta ɓaci. Maimakon ainihin rana, a ce “kwana goma da suka wuce”.

Takardar asali kada a goge kome a cikinta, domin likitanka zai neme ta. A kan kwafi ake aiki. Na sha ganin an shafa biro a kan suna sannan a ɗauki hoto. In ka ɗaga takardar wajen haske, sunan yana nan. Gara a sake rubutawa a sabuwar takarda. A duba sama da ƙasan shafi, wajen hatimi da lambar kati, nan ake yawan mantawa. Takardar kotu ma haka ne: lambar shari'a da sunayen shaidu da na yara duk a cire.

Togo ta yi dokar kare bayanan mutum a 2019, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsarewa. Saboda haka in takardar ba taka ba ce, nemi izinin mai ita tukuna, ko da matarka ce. Sannan ka karanta kwafin, ka tambayi kanka: in maƙwabcinmu ya ji wannan, zai gane ko wace ce? In zai gane, da sauran abin cirewa.