Yadda ake auna abin da caji ke ci daga kuɗin fansho a shekara 20

Caji iri biyu ake cira daga asusun fanshon ma'aikaci a ƙarƙashin dokar 2014, amma ɗaya kawai ke fitowa fili a sitatimen. Ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko na banki a Argungu zai ga an cire har naira 100 daga zubin kowane wata. Wannan ƙaramin alhaki ne. Babban cajin shi ne kason da kamfanin fansho da ma'ajiyin kuɗin da hukumar PenCom ke ɗauka daga jimillar dukiyar asusun kowace shekara, kuma ana cire shi tun kafin a fitar da farashin yunit.

Da farko a duba zubin wata. Mai albashin naira 200,000 yana ba da kashi 8 cikin ɗari, wurin aikinsa ya ƙara 10, zubi ya kama 36,000. Bayan cire ɗari, 35,900 ke shiga.

Sai ribar shekara, inda aka fi yin tuntuɓe. Ana gano ta ne daga farashin yunit: idan bara naira 5.00 ne, bana 5.60, riba kashi 12 ke nan. Kada a duba ƙaruwar jimillar asusu, domin sabon zubi ya gauraya da ita. Kuma wannan 12 ɗin ragowa ce bayan caji. Masu cewa a debe caji daga cikinta suna cire abu ɗaya sau biyu. Ƙara shi ake yi. A tambayi kamfani rukunin da kuɗin ke ciki, tunda tun 2018 aka raba asusun rukuni-rukuni, kowanne da cajinsa. Idan cajin kashi 1.65 ne, ribar asali ta zama 13.65. Shekara ɗaya ba ta isa ma'auni ba, gara matsakaicin shekara biyar.

A Excel, ko na waya ne, a rubuta layi biyu, wata 240:

```
=FV(0.12/12,240,-35900)
=FV(0.1365/12,240,-36000)
```

Na farko, mai caji, zai ba da kimanin naira miliyan 35.5, na biyu, marar caji, miliyan 44.6. Giɓin miliyan 9.1 shi ne abin da caji ya ci, wajen kashi ɗaya cikin biyar. A ciki, naira ɗarin nan da ake ta ƙorafi a kanta ba ta kai dubu 100 ba, har da ribar da za ta haifa. Sauran duka na kason shekara ne, domin yana girma tare da asusun, kuma abin da aka cire da wuri ba ya sake haihuwa.

Lissafin ya ɗauka albashi da riba ba su canja ba, bai kuma kula da tsadar kaya ba. Don haka kashi ɗaya cikin biyar ɗin ya fi adadin nairar zama abin dogaro. Mai tsohon kuɗi a asusu ya ƙara adadin da alamar debewa, kamar `,-2000000`, kafin rufe baka a layukan biyu.