Yadda Ake Tsare Suna Tsakanin Fasfo, Biza da Tikitin Jirgi

Bahaushe yana faɗin sunansa ne a jere: nasa na yanka, sai na mahaifi, wani lokaci kuma a ƙara da sunan gari ko lakabi. Haka muka san Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda kalmomin ƙarshe na sunayensu duk sunayen garuruwa ne. Takardun tafiya kuwa ba ruwansu da wannan jeri. Gurbi biyu suka sani, ɗaya na sunan iyali, ɗaya na sunayen mutum, kuma kowace kalma sai ta faɗa cikin ɗaya daga cikinsu. Yawancin rikicin suna da ake yi a filin jirgi daga nan yake tasowa: kalmomin duk daidai suke, ba harafin da ya ɓace, amma ɗaya ta zauna a gurbin da ba nata ba. Don haka ra'ayina shi ne, duk wanda zai cike fom ɗin biza ko ya sayi tikiti ya ajiye yadda ake kiransa a gida, ya kwafo sunansa gurbi-gurbi daga fasfo, kuma kada ya taɓa kwafo wata takarda daga wata in ba daga fasfon ba.

Matakin farko shi ne karanta fasfon yadda na'ura take karanta shi. A ƙasan shafin da ke ɗauke da hoto akwai layuka biyu na haruffa da lambobi, kowanne mai gurbi 44, waɗanda aka tsara bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a kundinta mai lamba 9303. Layin farko shi ne na suna. A ɗauka misalin wani matafiyi da kowa a unguwarsu ya sani da Sa'idu Musa Ɗanladi, inda Musa sunan mahaifinsa ne, Ɗanladi kuma sunan rana da ya bi shi tun yarinta. Ranar da ya yi rajistar fasfo, an sa Musa a gurbin `Surname`, aka sa sauran biyun a gurbin `Given names`. Layin farko na fasfonsa zai fito haka:

```
P<NGAMUSA<<SAIDU<DANLADI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Harafin `P` yana nuna fasfo ne, `NGA` kuma Najeriya, da na Nijar ne sai a ga `NER`. Abin lura shi ne alamar nan guda biyu a jere, `<<`, da ta fara bayyana a layin. Duk abin da ya zo tsakanin lambar ƙasa da ita shi ne sunan iyali, duk abin da ya biyo bayanta sunayen mutum ne, alama ɗaya tak kuma tana raba kalma da kalma. Wannan layi ya yanke hukunci: a idon kowace ƙasa da kowane kamfanin jirgi, sunan iyalin wannan mutum Musa ne, ko da bai taɓa jin wani ya kira shi da haka ba. Za a kuma ga cewa alamar da ke tsakiyar Sa'idu ta faɗi, ƙugiyar Ɗ ita ma babu, domin wannan layi haruffan A zuwa Z kawai yake ɗauka a suna. Wannan ba kuskure ba ne, kuma yadda aka rubuta su a nan haka za a rubuta su a tikiti. Mai fasfon Nijar zai tarar da gurbin biyu da sunan `Nom` da `Prénoms`, kuma ya yi hattara, domin `Nom` shi ne sunan iyali, ba sunansa na yanka ba.

Mataki na biyu shi ne fom ɗin biza. Inda fom yake da gurbi biyu, kamar DS-160 na Amurka, aikin ba wuya: MUSA a gurbin sunan iyali, SAIDU DANLADI a gurbin sunayen mutum, dukkansu biyun, a jeren da suke a fasfo. Wahala tana zuwa ne a fom mai gurbi uku ko huɗu, irin waɗanda ake gani a ƙasashen Larabawa, inda ake tambayar sunan farko, sunan mahaifi, sunan kaka da sunan iyali. Nan zuciya takan ja mutum ya faɗi gaskiyar nasabarsa, ya sa Musa a gurbin mahaifi tunda lallai mahaifinsa ne, sai gurbin iyali ya rage babu kowa, ya cike shi da Ɗanladi. Ya faɗi gaskiya, amma ya haifar da biza mai sunan iyali daban da na fasfo. Abin da ya kamata shi ne a fara cike gurbin iyali da abin da fasfo ya ce, wato Musa, sannan Sa'idu ya zauna a gurbin farko, Ɗanladi a na biyu, gurbin da ba dole ba kuma a bar shi fayau maimakon a ƙirƙiro masa suna. In fom ɗin ya tambayi sunan mahaifi a matsayin tambaya daban, wadda ba ta cikin ginin sunan da za a buga a biza, sai a amsa ta da gaskiyarta. Wanda fasfonsa ke da suna ɗaya tak lamarinsa daban ne: tsarin Amurka yana sa wannan suna a gurbin iyali, ya rubuta `FNU` a ɗaya gurbin, alamar cewa babu sunan farko. Da zarar biza ta fito, a duba ta nan take. Bizar da ake liƙawa a fasfo galibi tana da nata layukan biyu masu farawa da `V`, kuma abin da ke kafin `<<` da bayanta dole ya zama daidai da na fasfo. In an ga bambanci, a koma ofishin jakadanci ko cibiyar da ta karɓi takardun tun ba a sayi tikiti ba.

Mataki na uku, tikiti, shi ne inda aka fi yin ɓarna, domin a nan ne suna yake bi ta hannun wani. Mutum ya tura wa ejan saƙo ta waya, “Sa'idu Musa Ɗanladi, Kano zuwa Jidda”, ejan kuma ya bi al'adar da ya saba, ya ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan iyali. Tsarin sayar da tikiti yana rubuta sunan iyali da farko, sai layin karkata, sai sauran sunaye, don haka sunan zai iya fitowa iri biyu kamar haka, na farko daidai, na biyu kuskure:

```
MUSA/SAIDU DANLADI MR
DANLADI/SAIDU MUSA MR
```

Wanda bai san tsarin ba zai kalli layi na biyu ya ga sunayensa uku cif, hankalinsa ya kwanta. Hanyar ganewa ɗaya ce: kalmar da ke kafin `/` a tikiti dole ta zama ita ce ke kafin `<<` a fasfo. Maganin kuma tun daga tushe shi ne a tura wa ejan hoton shafin fasfon, ba suna a rubuce ba, a kuma nemi ya turo takardar ajiyar kujera a duba kafin a biya kuɗi, domin kafin a fitar da tikiti ana iya soke ajiyar a sake wata cikin sauƙi. Akwai bambance-bambancen da ba sa buƙatar tayar da hankali. Sau da yawa na'ura takan haɗe kalmomi ta manna lakabi a ƙarshe, a ga `SAIDUDANLADIMR`, ko ta datse dogon suna a katin shiga jirgi, wanda gurbin sunansa haruffa 20 kawai yake ɗauka. Ma'aikatan jirgi sun saba da waɗannan. Abin da ba za a saka ba shi ne Alhaji, Hajiya ko Malam a cikin gurbin suna, matuƙar babu su a fasfo.

Wani zai ce ai mutane da yawa sun yi tafiya da suna a juye kuma ba abin da ya same su. Gaskiya ne hakan yana faruwa, domin ma'aikaciyar da ke tantance fasinjoji tana iya kallon kalmomi uku iri ɗaya ta gane mutum ɗaya ne ta bar shi ya wuce. Amma wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma dalilan hana ta suna da ƙarfi. Tikitin jirgi galibi ba a mayar da shi ga wani mutum, don haka kamfani yana da hujjar ɗaukar suna daban a matsayin fasinja daban. Ƙasashe da yawa suna karɓar bayanan fasinjoji daga kamfanin jirgi kafin jirgin ya sauka, suna gwada su da bayanan biza, kuma na'urar da ke gwadawa gurbi take bi. Sannan kamfanin da ya kai fasinja mai takardun da ba su cika ba yana iya shan tara, ya kuma mayar da shi da kuɗinsa. Ma'aikacin da ya san haka ba zai so ya ɗauki kasada domin wanda bai sani ba, musamman a tafiya mai zango biyu inda za a sake duba takardu a wani filin jirgin.

Wani kuma zai ce, tunda fasfon ne ya juya sunan, me zai hana a gyara shi ya koma yadda ake kiran mutum? Ana iya yi, kuma wanda aka ɓata masa harafi ko aka yar masa da suna ya dace ya nemi gyara. Sai dai a Najeriya bayanan fasfo suna ɗaure da na lambar NIN, don haka gyara yana farawa ne daga hukumar NIMC kafin a je Hukumar Shige da Fice, kuma ba aikin da ake farawa ana saura mako biyu a tashi ba ne. Ga kuma wanda ke da biza mai sauran wa'adi a tsohon fasfo: in sabon ya fito da wani sunan iyali, ya jawo wa kansa bambancin da yake gudu. A ganina, fasfon da kalmominsa suke daidai, jerensu kawai ya saɓa wa na gida, gara a bar shi yadda yake, a kuma tabbatar an maimaita wannan tsari lokacin sabuntawa.

In kuwa an riga an fitar da tikiti da suna a juye, a nemi gyara ranar da aka gani. Kamfanoni suna bambanta gyaran suna, inda fasinja bai canza ba, da sauya fasinja, wanda galibi ba sa yarda da shi, don haka a faɗa musu a sarari cewa sunan iyali da sunan mutum ne suka musanya gurbi, a haɗa da hoton shafin fasfo. Tikitin da aka saya ta hannun ejan yawanci ta hannunsa ake gyara shi. Wanda ya haɗa kamfanoni biyu ya fi wuyar gyara, sau da yawa sai an soke an sake fitar da sabo a farashin ranar. A tafiye-tafiyen da suka shafi Amurka, doka ta wajabta wa kamfanin jirgi ya ba wanda ya saya kai tsaye daga gare shi, kwana 7 ko fiye kafin tashi, awa 24 na sokewa ba tare da asara ba, ko na riƙe kujera kafin biya. Bayan gyara a karɓi sabon tikiti a rubuce, a sake gwada kalmar da ke kafin `/` da wadda ke kafin `<<`, a kuma duba lambar fasfo da ranar haihuwa da aka shigar tare da sunan.