Amsoshin Tambayoyinku: An ce na samu aiki, amma sai na biya kuɗin asibiti na tura BVN

TAMBAYA: Na gama HND a fannin akanta, na kuma kammala hidimar ƙasa shekara biyu ke nan, har yau ina zaune. Makon jiya wani abokina ya turo mini sanarwa a WhatsApp cewa wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje tana neman masu shigar da bayanai a kwamfuta, albashi naira 185,000 a wata. Na cike fom, na biya naira 4,500 kuɗin rajista, na tura takardun makaranta da hoton takardar NIN ɗina. Bayan kwana biyu sai ga takardar kama aiki, da tambari da sa hannu. Yanzu sun ce in tura naira 22,000 na gwajin asibiti da katin shaida, da lambar BVN, da hoton katin ATM gaba da baya domin a sa ni a jerin masu albashi, kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da tunkiyarta. In biya? Daga A. M., Funtuwa.

AMSA: Ƙanena, kada ka biya, kada ka tura komai, a kuma bar wa Mama tunkiyarta. Babu aiki a nan, damfara ce. Amma bari in nuna maka yadda na gane, domin gobe za su dawo da wani suna da wani tambari.

Fara da tambayar da ba ka yi wa kanka ba: wa ya gana da kai? A wasiƙarka babu jarrabawa, babu intabiyu, babu ko kiran waya da aka tambaye ka abin da ka iya. Aikin shigar da bayanai ne, amma ba wanda ya zaunar da kai gaban kwamfuta ya ga saurin hannunka. Ƙungiyar da za ta riƙa fitar da sama da naira miliyan biyu a shekara a kan mutum ɗaya ba za ta ɗauke shi ido rufe cikin kwana biyu ba.

Ɗaukar aiki na gaskiya yana da jeri. Ana fitar da sanarwa, ka aika takardar nema da tarihin karatu da aikinka, a tace, a kira waɗanda suka tsallake zuwa jarrabawa ko intabiyu, a ba wanda ya dace takardar kama aiki. Sai bayan nan ne ake zaunar da kai a ofis a duba takardunka na asali, ka kawo mai tsaya maka idan ana buƙata, ka ba da lambar asusu. Ɗan damfara yana tambayar kusan abubuwan da ma'aikata ta gaskiya ke tambaya, shi ya sa yake rikita mutane. Bambancin shi ne yakan ɗauko na ƙarshe ya kawo farko, domin su ne kaɗai abin da ya dame shi.

Sai batun kuɗi. Tsakanin ma'aikaci da mai ba da aiki hanya ɗaya kuɗi ke bi, daga shi zuwa gare ka. Sunan da aka laƙaba wa kuɗin ba ya canza komai, ko an ce na fom, ko na horo, ko na kayan aiki, ko an yi alkawarin mayar maka da shi a albashin farko. Gaskiya ne wasu ma'aikatu suna neman shaidar lafiya. To amma ko dai su tura ka asibitin da suke hulɗa da shi su biya, ko kai ka je asibitin gwamnati da ƙafarka, ka biya a wurin karɓar kuɗi, a ba ka rasit, likita ya duba ka. Gwajin asibitin da ake yi ta hanyar tura kuɗi a waya, ba a ɗebi jini ba, ba a auna komai ba, wane irin gwaji ne?

Koma ka duba saƙon da bankinka ya aiko lokacin da ka tura 4,500 ɗin nan. Ina kyautata zaton sunan wani mutum za ka gani, ba sunan ƙungiyar ba. Za su ce maka ai shi ne akantansu. Kai da ka karanci akanta ka fi ni sanin cewa babu ƙungiyar da ke karɓar kuɗinta a asusun ma'aikaci. Ƙanƙantar kuɗin farkon ma da gangan ne. Mutum dubu suka biya 4,500, an tara naira miliyan huɗu da rabi, kuma da wuya wani ya kai ƙara a kan wannan. Ya kuma zama rariya: duk wanda ya biya na farko an san zai iya biyan na biyu, don ba ya son na farkon ya tafi a banza. Bayan 22,000 akwai wani na tafe, wataƙila na masauki wurin horo a Abuja. Wa'adin ƙarfe huɗu na Juma'a kuwa an sa shi ne don kada ka samu sararin yin shawara.

Ban ga laifinka ba da ka yarda, domin ƙasar ce ta koya mana cewa aiki sai da kuɗi. A watan Maris na 2014 an karɓi naira dubu ɗaya-ɗaya daga masu neman aikin Hukumar Shige da Fice, aka tara su a filayen wasa, turmutsutsu ya hallaka mutane da dama. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zaman bincike a kan cinikin guraben aikin gwamnati. A wannan inuwar 'yan damfara ke fakewa. Yanzu dai rundunar soja da 'yan sanda da sauran hukumomin tsaro kan nanata a sanarwarsu cewa neman aikinsu kyauta ne. Shi kuwa mai cewa yana da hanya a sama, a kawo dubu ɗari biyar, ya san ranar da ya cinye kuɗin da wuya ka buɗe baki, tunda kai ma cin hanci ka bayar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne hoton katin ATM. Domin a biya ka albashi, abu uku ake buƙata: sunanka, sunan banki, da lambar asusu mai alƙaluma goma. Wannan lambar ƙofar shigar kuɗi ce, ko mai shago kana iya ba shi. Kati kuwa ƙofar fita ce. A jikinsa akwai doguwar lamba, da watan da zai daina aiki, da alƙaluma uku a baya. Wanda ya haɗa waɗannan ya kama hanyar yin sayayya a intanet da kuɗinka, abin da ya rage masa sau da yawa shi ne lambar OTP da banki zai turo wa wayarka. Sai ya kira ka da murya mai daɗi ya ce ana tabbatar da asusun albashinka, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Kana karantawa, an kwashe. Babu ma'aikata, babu ma banki, da ke da hurumin tambayarka OTP ko lambar sirrin kati.

BVN tana buƙatar ɗan bayani, don kada in ce maka abin da ba haka ba. Alƙaluma goma sha ɗaya ce, kuma ita kaɗai ba ta cire kuɗi. Akwai shirye-shiryen gwamnati na gaskiya da suka nemi ta tun wurin cike fom, kamar N-Power, haka kuma hukumomi da yawa suna neman NIN. Saboda haka abin dubawa shi ne inda kake shigar da ita. Adireshin shafin intanet na hukumomin gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng, na sojoji da .mil.ng, kuma wurin da za ka duba shi ne ƙarshen sunan, daf da karkatacciyar sandar farko da ke bin sunan, domin maƙaryata kan cusa gov a tsakiya su ƙare da wani abu daban. Tura BVN ga wani mutum a WhatsApp kuwa babu dalilinsa. Idan ta haɗu da ranar haihuwarka da lambar wayarka da hoton NIN, an samu kayan da za a gwada cin bashi da sunanka a manhajojin ba da rance, ko a kira ka a yi shigar ma'aikacin banki.

Tambari da sa hannu kada su burge ka, yaro mai waya zai haɗa su kafin a idar da sallar la'asar. Dubi adireshin imel ɗin da takardar ta fito: babbar ƙungiya tana da nata, ba za ta ɗauki ma'aikata da @gmail.com ba. Kada ka yi amfani da lamba ko adireshin da ke jikin takardar wajen bincike, don su za ka sake samu. Nemo shafin ƙungiyar da kanka ka ga ko gurbin yana nan, ko ka sa wani ya kai takardar ofishinsu ya tambaya. Idan kamfani ne, ana iya duba rajistarsa a wurin hukumar CAC, sai dai rajista tana nuna kamfanin yana nan ne kawai, ba ta nuna cewa mai yi maka magana daga can yake ba.

To yanzu me za ka yi? Kada ka goge hirarku. Ɗauki hotonta duka, da rasit ɗin kuɗin, da lambar asusun da ka tura wa. Kai su bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. Ba na yi maka alkawarin 4,500 za ta dawo, domin irin waɗannan kuɗin ba sa kwana a asusu, amma rahotonka na iya sa a rufe asusun. Kana iya kai wa 'yan sanda ko EFCC, laifi ne ƙarƙashin dokar zamba cikin aminci ta 2006. Tunda takardunka suna hannunsu, sa ran kira nan gaba daga wanda ya san cikakken sunanka da makarantarka da ranar haihuwarka. Sanin nan ba shaidar komai ba ne, kai ka ba su. Duk wanda ya kira da sunan banki, kashe wayar ka je reshe. Wanda kuma ya zo da tayin zai ƙwato maka kuɗinka idan ka ba da wani abu, ɗan gidansu ne.

Ga sauran masu karatu da suka riga suka tura hoton kati: ku toshe shi yau, ta manhajar banki ko lambar da bankinku ya tanada, ku karɓi sabo.

Kai kuma ƙanena, ka kira abokin da ya turo maka sanarwar a daren nan, mai yiwuwa shi ma yana can yana haɗa nasa 22,000 ɗin. Ka gaishe mini da Mama. Allah Ya kawo na halal.