Wasiƙa ga matasan Yola da Jimeta: idan saƙon ya zo kuma baki ya mutu

Ƙannena maza da mata,

Akwai wata ɗabi'a da waya ta kawo mana wadda nake so mu duba tare. Aboki zai turo saƙo cewa an yi masa rasuwa, ko an kwantar da mahaifinsa, ko aurensa ya mutu. Ku buɗe, ku karanta, jikinku ya yi sanyi, ku rubuta layi biyu ku goge, ku ce bari sai kun samo kalmar da ta dace. Kwana ya wuce, sannan kunyar jinkirin ta hana ku magana gaba ɗaya. A can ɓangarensa kuwa WhatsApp ya nuna masa kun karanta, kuma ba shi da hanyar sanin cewa tausayi ne ya ɗaure muku harshe. Abin da ya gani shi ne shiru. Ra'ayina shi ne, rashin sanin abin faɗa ba hujjar jinkiri ba ce, domin ba wanda ya ɗora muku ƙirƙiro magana.

Magabata sun riga sun yi mana wannan aiki, har sun ware wa kowace musiba kalmarta. Rasuwa tana da ta'aziyya: «Allah ya jiƙansa, ya haƙuri?» Ciwo yana da dubiya: «Sannu, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.» Asarar dukiya tana da jaje, «Allah ya mayar da alheri», kalmar da aka yi ta faɗa wa waɗanda Binuwai ya cinye wa gidaje da gonaki a 2012 da 2022. A gari irin namu, inda Musulmi da Kirista ke zama aji ɗaya a Jami'ar Modibbo Adama, ku riƙe kuma wadda 'yan'uwanmu Kiristoci suka saba ji: «Allah ya ta'azantar da ku.» Wani zai ce ai waɗannan haddatattu ne, kowa faɗa yake, ba su fito daga zuciya ba. Amma haddar ce amfaninsu. Mai baƙin ciki ba shi da ƙarfin warware doguwar magana, alhali «ya haƙuri?» tana da amsarta a shirye, «da godiya», ya faɗa ya huta. Abin da ke mayar da su fanko shi ne a aika sitika ko hoton addu'ar da aka kwafo daga wani zaure, ba ko sunan mamacin.

Mu ɗauki misali. Ƙarfe goma na dare abokinka ya rubuto: «An kwantar da Baba a Specialist, sun ce ƙoda ce.» Amsar da ta isa ita ce: «Subhanallah, sannu Malam. Wallahi ban san abin da zan ce ba. Allah ya ba Baba lafiya. Gobe da safe zan shigo da abin kari, wane ɗaki kuke?» Ka nuna ka ji, ka faɗi gaskiyar halinka, ka yi addu'a, ka ɗauki aiki guda. Wannan na ƙarshe ya fi «idan akwai abin da kake buƙata ka gaya mini» nesa ba kusa ba, domin mai kunya ba zai taɓa buɗe baki ya ce a biya masa kuɗin keke daga Jambutu, ko a zo a ba da jini ba. Kada ka bi shi da «garin yaya?», kada ka ba shi labarin wani da ƙoda ta kashe, kada ka fara jero magungunan gargajiya. Kuma kada ka ɗora labarin a shafinka. In rasuwa ce, wataƙila akwai 'yar'uwa a Mubi ko Garwa da ba a sanar da ita ba tukuna.

Akwai masu cewa irin wannan magana ba ta saƙo ba ce, sai an haɗu ido da ido. Suna da gaskiya cewa saƙo ba ya ɗauke zuwa. Sai dai ku tuna wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa, don haka mai jiran lokacin da ya dace jana'izar ma za ta wuce shi. A tura saƙon yanzu, a tambayi lokacin sallah, ƙafa ta biyo baya.

Inda abin ya fi wuya shi ne labarin da ba shi da kalmar gado, kamar saki, ko kora daga makaranta, ko shiga hannun hukuma, musamman idan kuna zargin abokin yana da nasa laifin. A nan «ban san me zan ce ba, amma ina tare da kai, in kira ka?» ta wadatar, nasiha kuma ta jira wani zama. Idan bai amsa ba kada ku ji haushi. Ku sake taɓa shi bayan kwana uku, ranar da aka naɗe tabarmin zaman makoki, baƙi suka watse, ko ranar da masu dubiya suka fara ɗauke ƙafa daga asibiti.

Wassalam,
Yayanku.